Yadda ake karɓar odar sabulun hannu tun kafin a zuba shi: ƙirga kwanaki da yanka kafin alƙalami

Sabulun da ake haɗawa a gida da mai da soda, wanda ba a ɗora shi a wuta, ba ya saiduwa ranar da aka zuba shi. Sai ya yi mako huɗu zuwa shida a kan kanta yana shan iska, ruwan jikinsa yana fita, kafin ya yi ƙarfin da zai daɗe a banɗaki. A duk tsawon wannan lokaci jarinki yana kwance. Shi ya sa yawancin masu wannan sana'a a unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zongo na nan Kumasi muke karɓar oda tukuna, mu sayi kaya da kuɗin kafin alƙalami, sannan mu zuba daidai abin da aka nema. Abin da zan nuna miki a nan bai shafi haɗa sabulun ba, na ɗauka kin iya kuma kin gwada haɗinki ya fito daidai. Zan nuna miki yadda ake riƙe kuɗin mutane na wata biyu ba tare da wata ta zo ƙofar gidanki da ɓacin rai ba.

Abin da za ki tanada

Littafi guda mai bango mai ƙarfi, wanda ba a rubuta komai a cikinsa sai wannan oda. Kalanda ta takarda da za ki rataye inda kike gani kullum. Layin MoMo da sunanki ne a kansa, domin sunan da mai turo kuɗi za ta gani a wayarta ya zama sunan da ta sani. Idan da hali, kada ya zama layin da kike cefane da shi. Sikeli mai auna giram. Mazubai da suka isa adadin da za ki yi, da kanta mai shan iska inda rana ba ta bugawa kai tsaye. Safar hannu da tabarau saboda soda. Sai kuma samfuri: sabulu uku ko huɗu daga zubin da ya riga ya bushe, na wannan haɗin da wannan ƙamshin, wanda mutum zai ɗauka ya shinshina, ke kuma ki ɗauki hotonsa.

Idan ba ki da samfuri, dakatar da maganar oda. Zuba kilo ɗaya na mai da kuɗinki, ki jira ya bushe, ki yi wanka da shi. Kada ki ɗauko hoton sabulun wasu ki ce irinsa za ki yi, domin ranar karɓa da hoton za a gwada naki.

Akwai kuma maganar hukuma. A Ghana sabulun wanka yana cikin kayan da Hukumar Abinci da Magunguna, FDA, take yi wa rajista kafin a sayar, a ƙarƙashin dokar kiwon lafiyar jama'a ta 2012, kuma tana da ofis a nan Kumasi. Ki je ki ji abin da ake buƙata tun kafin ki buɗe oda, saboda takardu ba sa bin kalandarki. Kuma ko a saƙo ko a jikin takardar sabulu, kada ki rubuta cewa yana maganin ƙyasbi ko ƙuraje.

1. Yanke adadi, ki sayar da ƙasa da abin da za ki zuba

Adadin yana fitowa ne daga mazubanki da faɗin kantarki, ba daga yawan masu cewa suna so ba. Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Kina da haɗi na kilo 10 na mai, wato man kaɗanya da man alayyadi da man kwakwa. Idan aka ƙara soda da ruwa, kwaɓin zai kai kilo 14 da ɗoriya. In kika yanka kowane guda a giram 120, za ki samu kusan guda 120.

Cikin waɗannan, guda 100 kawai za ki sa a oda. Sauran 20 suna da aikinsu. Na bakin mazubi ba sa fitowa da kyan gani, wasu wuƙa za ta karkace a kansu, biyu za ki yi gwaji da su, sauran kuma ki ajiye don wadda nata ya fashe a mota. Masu farawa sukan sayar da duka 120 tun a takarda, ranar naɗewa kuma sai a rasa na mutum uku.

Ki lura da nauyin da za ki ambata. Sabulun da aka yanka a giram 120 zai sauko wajen 110 bayan ya bushe, wani lokaci ƙasa da haka in ruwan haɗin ya yi yawa. Saboda haka abin da za ki faɗa wa mai saye shi ne “ba zai gaza giram 100 ba”. Wannan alkawari ne da za ki iya cikawa ko da iskar hunturu ta zuƙe shi.

Ni na fi son sayarwa a ƙunshi, guda huɗu huɗu. Guda 100 sun zama ƙunshi 25, wato mutum 25 ko ƙasa da haka za ki yi hulɗa da su, ba mutum sittin masu guda ɗai-ɗai ba.

2. Ƙirga kwanaki daga ranar bayarwa zuwa baya

A nan ne aka fi tafka kuskure. Mutum ya ce “mako huɗu” saboda ya ji ana cewa sabulu yana bushewa a mako huɗu, ya manta da kwanakin karɓar oda, da na zuwa kasuwa, da na naɗewa. Ki ɗauki kalanda ki sa yatsa a ranar da kike so kaya su shiga hannun mutane, ki riƙa komawa baya.

A ce kina so a karɓa daga 7 ga Disamba, lokacin da bukukuwan aure suke yawa kuma ake neman abin sakawa a kayan amarya. Mako guda kafin nan, daga 30 ga Nuwamba zuwa 6 ga Disamba, ki bar shi fili, kada ki sa masa aikin komai. Kwana uku kafin wannan, 27 zuwa 29 ga Nuwamba, na goge sabulu ne da naɗewa da liƙa takarda. Bushewa kwana 42 ce, daga 15 ga Oktoba zuwa 26 ga Nuwamba. Cirewa daga mazubi da yankawa 14 da 15 ga Oktoba, domin sabulu yana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya ɗauku. Zubi 12 da 13, in mazubanki sun isa ki raba shi gida biyu. Sayen kaya 8 zuwa 11. Ke nan oda za ta buɗe 1 ga Oktoba, ta rufe 7 ga wata. Daga buɗewa zuwa bayarwa kwana 67, kusan mako goma.

Me ya sa na ba bushewa mako shida cif? Saboda Oktoba a Kumasi damina ce ƙarama, iska jiƙe take. Sabulun hannu yana ɗauke da gilisarin ɗinsa, shi kuma yana janyo danshi, har ki wayi gari ki ga jikinsa ya yi raɓa kamar ya yi gumi. A irin wannan yanayi bushewa tana tafiyar hawainiya. In zubinki ya faɗo a Janairu, cikin hunturu, mako huɗu zuwa biyar yakan isa, amma ko a lokacin na fi so a faɗa wa mai saye dogon wa'adi a kira ta da wuri.

Kwana huɗun sayen kaya ma ba su yi yawa ba. Soda da turare da man kwakwa za ki same su a Kejetia ko Adum cikin yini guda. Man kaɗanya mai kyau kuwa, in daga Tamale ake aiko miki, sai an auna, an ɗora a mota, kin je tasha kin karɓo. Ki yi magana da mai aiko miki tun kafin ki buɗe oda, ta tabbatar miki da farashi da ranar ɗorawa. In ba ki da kowa a arewa, saya a nan kasuwa, amma ki narkar da kaɗan ki tace ki ga ko akwai ƙasa ko ruwa a ciki kafin ki ɗauki mai yawa.

In don Sallah kike yi, ƙirga daga kwana goma kafin ranar da ake sa ran Sallar, ba daga ranar kanta ba. Ganin wata yana iya matsar da ita, kuma makon ƙarshe kowa yana wajen tela da kasuwar dabbobi.

3. Yanka kafin alƙalami daga lissafi

Kafin alƙalami ba a yanka shi da ka. Aikinsa guda ɗaya ne: ya biya duk abin da za ki kashe kafin sabulu ya shiga mazubi. Alƙaluman da ke tafe misali ne don ki ga yadda lissafin yake tafiya; ki sa farashin da kika tarar a kasuwa a makon da za ki buɗe.

A ce mai ya ci sidi 700, soda da ruwa 100, turare 300, kuɗin mota da dako 100. Jimla 1,200, kuma duk sai an biya su kafin zubi. Daga baya akwai takardar naɗewa da bugun suna da kwali, a ce 300. Sai ladan aikinki, a ce 500, wanda mata da yawa suke mantawa su sa. Gaba ɗaya 2,000. A raba wa guda 100 da za ki sayar, ba 120 ba, kowane guda ya tsaya miki a sidi 20. In kika sa shi 30, ƙunshi ya zama 120.

Rabin wannan, sidi 60, shi ne kafin alƙalami. Yanzu raba 1,200 da 60, za ki samu 20. Ma'ana sai an biya na ƙunshi 20 kafin kuɗin da ke hannunki su ishi sayen kaya. Wannan 20 ɗin ita ce mafi ƙarancin odar da za ki zuba a kanta, 25 kuma ita ce iyaka. Duka biyun za ki faɗa wa mutane tun farko.

In kika yi lissafi kika ga rabi bai rufe kuɗin kaya ba ko da an saye duka, to farashinki ne ya yi ƙasa, gyara shi. Kada ki nemi a biya duka tun farko a odarki ta fari, sai dai wadda ta ga dama da kanta. Kada kuma ki sauko zuwa sidi 10 ko 20 don jin nauyin mutane. Wadda ta ba da kaɗan ba ta jin zafin fasawa. Ki tuna da kuɗin da ake yanka wajen cire kuɗi a MoMo, ki sa shi cikin lissafin kuɗin mota.

Sai babbar tambaya: in mutum ya fasa, ina makomar kuɗinsa? Malamai sun yi saɓani a kan cinye kafin alƙalami idan ciniki ya warware. Mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muke bi, ba ta yarda da shi ba, Hambaliyya ta halatta. Hanyar da nake bi, kuma hankalina ya kwanta da ita, ita ce wannan. Wadda ta fasa kafin ranar rufe oda, a mayar mata da kuɗinta duka a ranar. Wadda ta fasa bayan an sayi kaya, kuɗinta sun riga sun zama mai da soda, don haka sai ta jira a sayar wa wata da ƙunshinta sannan a mayar mata. In kuma ni ce na kasa kawowa, kowa ya karɓi nasa cif, har da kuɗin turawa. Ki kai tsarinki wurin malamin da kike tambaya kafin ki sanar da shi.

4. Rubuta sanarwar

Sanarwa mai kyau ita ce wadda in rigima ta taso, za a koma a karanta a ga amsa a ciki. Ga yadda nake rubuta tawa:

“Assalamu alaikum. Zan zuba sabulun man kaɗanya mai ƙamshin lemun tsami, ƙunshi 25 kawai. Kowane ƙunshi guda huɗu ne, kowane guda ba zai gaza giram 100 ba. Kuɗin ƙunshi sidi 120. Za a ba da 60 yanzu, sauran 60 tsakanin 1 da 5 ga Disamba. Sabulun ba a yi shi ba tukuna. Za a zuba shi 12 ga Oktoba, kuma sai ya yi mako shida yana bushewa. Karɓa daga 7 zuwa 12 ga Disamba, in sha Allahu. Oda tana rufewa 7 ga Oktoba da ƙarfe takwas na dare, ko da zarar 25 sun cika. In ba a kai ƙunshi 20 ba, zan mayar wa kowa da kuɗinsa ranar 8 ga wata. Wadda ta fasa bayan an rufe, za ta karɓi kuɗinta idan an sayar da nata. Kuɗin aikawa na mai saye ne.”

Jimlar nan ta “ba a yi shi ba tukuna” kada ki cire ta don gudun kada mutane su ja baya. Mutum yana ganin hoto sai ya ɗauka kaya suna ƙasa. Kuma ki rubuta ranaku da lambobi. “Ƙarshen wata” da “kafin biki” kowa da yadda yake fassara su.

Ba kowa ke karanta rubutu ba. Ki maimaita sanarwar da murya a WhatsApp, da Hausa, da Tuwi ma in kina da masu saye 'yan gari, kuma ki faɗi ranaku da kuɗi daidai da yadda suke a rubuce. Wadda ba ta da waya mai WhatsApp, rubuta mata a takarda gida biyu, ta riƙe ɗaya ki riƙe ɗaya.

5. Karɓar kuɗi

Suna ba ya shiga littafi sai kuɗi sun shigo. Wannan doka tana da wuyar riƙewa a zango, inda mai cewa “ajiye mini biyu” ƙanwar mahaifiyarki ce ko matar limamin unguwa. Ana iya faɗa cikin ladabi: “Hajiya, na ji, Allah ya saka da alheri. Da kuɗin nan nake sayo mai, shi ya sa ba na iya riƙe wuri sai sun shigo. Zan tuna miki ranar Alhamis kafin a rufe.” In kina so ki yi wa wata kyauta ko ki ɗaga mata ƙafa, ki ɗauka daga ragowar nan 20, kada ya taɓa lissafin 25.

Duk wadda ta ce ta turo, kada ki dogara da hoton da ta aiko ko saƙon da ya faɗo wayarki, domin ana ƙirƙirar na bogi. In layinki na MTN ne, danna *170# ki duba abin da ke asusunki da kanki. Haka kuma in wani ya kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure ki mayar masa, kada ki tura komai sai kin duba.

A littafi ki ja layuka: lamba, suna, yawan ƙunshi, abin da aka biya da ranar, abin da ya rage, da yadda za a karɓa. Sannan ki aika wa mai kuɗin shaida nan take: “Anti, na karɓi sidi 120 na ƙunshi biyu. Lambarki 14. Saura 120, daga 1 zuwa 5 ga Disamba. Karɓa daga 7 ga wata.” Wadda ta kawo kuɗi a hannu ma a yi mata haka.

Kuɗin nan amana ne har ranar rufewa. Kada ki taɓa su, ko don sayen turaren da kika ga ya yi araha, tunda kin yi alkawarin mayarwa in ba a kai 20 ba.

6. Ranar rufewa

In an kai 20 ko fiye, sanar da kowa cewa aiki ya tabbata, ki wuce kasuwa. In 25 sun cika tun kafin ranar, rufe, ki buɗe shafin masu jira ba tare da karɓar kuɗinsu ba. Su ne za su ɗauki na wadda ta fasa.

In kuma ƙunshi 12 kawai aka biya, kina da sidi 720 a hannu. Tunda alkawarin mayarwa kika yi, sai in waɗanda suka biya sun yarda za ki iya zuba rabin haɗin, kilo 5 na mai, wanda zai ba ki kusan guda 60, ya ishi mutum 12 har da ragowa. Sai dai ki sake lissafi tukuna, domin kuɗin mota ba ya raguwa, kuma mai yakan fi tsada in an saya kaɗan. In lissafin bai fita ba, mayar da kuɗi ranar da kika faɗa. Ƙara wa'adin oda da mako guda yana ture ranar bayarwa da mako guda, don haka ba a yin sa sai an tambayi waɗanda suka riga suka biya.

7. Makonnin jira

Mako shida mutum bai ji daga gare ki ba, zuciyarsa za ta fara saƙe-saƙe. Saƙo uku sun isa: hoto ranar yankawa, wani a tsakiyar Nuwamba sabulu yana kan kanta, sai na ƙarshe mai tuna cikon kuɗi.

Ranar yankawa ce take gaya miki gaskiyar zubin. In ya yanku sumul, alhamdu lillahi. Farin gari-gari a samansa kawai ba matsala ba ne, ana goge shi. Amma in yana marmashewa a ƙarƙashin wuƙa, ko kika ga ramuka masu ruwa ko mai a cikinsa, to awon soda ya kauce ko kwaɓin bai haɗu ba, kuma irin wannan ba a ba mutane shi. A nan makon da kika bari fili yake amfani: in kika sake zubawa kafin 22 ga Oktoba, kina iya cika alkawari, sai dai naɗewa za ta matse. Kuɗin sabon kaya daga aljihunki ne, ba a komawa wurin masu oda. In ya wuce haka, faɗa musu a ranar da kika gane, ki ba su sabuwar rana, ki bar wa kowa zaɓin jira ko karɓar kuɗinsa.

Don sanin ko ya bushe, ware guda ɗaya ki riƙa auna shi duk Juma'a kina rubutawa. In nauyin ya daina sauka mako biyu a jere, ya yi. Ki jera su a tsaye da ɗan tazara, kina juya su, in ɗakin yana da danshi ki kunna fanka. Za a samu mai matsa miki ta karɓi nata a mako na uku saboda biki ya matso. Kada ki bayar. Ɗanyen sabulu yana narkewa cikin 'yan kwanaki, kuma wadda aka ba kyautarsa ba za ta san an karɓe shi da wuri ba, sunanki kawai za ta gani a jiki.

8. Ciko da bayarwa

Ki naɗe da takarda, kada ki ɗaure a leda, domin leda tana riƙe danshi. A jikin takardar ki sa sunan sabulun, nauyi, abin da aka haɗa shi da shi, ranar zubi da lambar wayarki. Rubuta lambar kowace mai oda a kan ƙunshinta tun kafin ranar karɓa.

Kaya ba sa fita sai ciko ya shigo, ko a kawo shi hannu da hannu wajen karɓa. Na cikin gari su zo gida ko a ba ɗan aike, su biya shi. Na Accra ko Tamale a kai tashar mota a kwali mai ƙarfi, a cusa takarda a kowane gefe don kada su gogi juna, ki ɗauki hoton rasit ki tura wa mai kaya tare da lambar motar.

Wadda ba ta cika ba har 12 ga Disamba, kira ta da baki sau ɗaya, ki gaya mata za ki riƙe mata har 20 ga wata. In ranar ta wuce, ki ba ta farko a shafin masu jira, ki mayar wa waccan sidi 60 ɗinta, ki rubuta ranar mayarwar a gaban sunanta.